Takardar neman biyan bashi: in ka ba da kaya ba a biya ka ba

Mai karatu, in kana sayar da kaya a kan sari, ka san yawancin ciniki a kan bashi yake tafiya. Mai shago ya ɗauki kaya yau, ya ce zai biya ƙarshen wata. Da yawa suna cika alkawari. Wani kuma wata ya ƙare, wani watan ya bi bayansa, ka yi waya ya ce gobe, ka aika yaro ya ce jibi. A daidai wannan wuri ne ake rubuta takardar neman biyan bashi, wadda a harshen Faransanci ake ce wa miz an dimer.

Wannan takarda wasiƙa ce da mai kaya yake aika wa wanda ya ɗauki kayansa bai biya ba. A cikinta yana faɗin adadin kuɗin da yake bi, da dalilin bashin, da ranar ƙarshe da ya bayar a biya, da abin da zai yi in ranar ta wuce. Ba sammaci ba ce, domin ba daga wurin alƙali ta fito ba. Kai da kanka kake rubuta ta, ko ka sa a rubuta maka. Ta bambanta da tunin da kake yi da baki, domin magana tana bin iska, ita kuwa takarda tana zama shaida.

Mi doka ta ce?

Nijar tana cikin ƙasashe 17 da suka haɗa dokokinsu na kasuwanci a cikin ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa a shekarar 1993. Dokar ciniki ta wannan ƙungiya, wadda aka sabunta a shekarar 2010, ita ce take aiki tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa a Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai. Abin da za mu faɗa a nan ya shafi irin wannan ciniki, wato wanda ya sayi kaya domin ya sayar. Wanda ya sayi buhu guda domin cin gidansa, wasu ƙa'idodinsa dabam ne.

Dokar ta ce mai saye ya biya a ranar da aka shirya, ba sai an roƙe shi ba. Ke nan tun kafin ka rubuta komi, in ranar ta wuce, ya riga ya saɓa alkawari. To, mi takardar za ta ƙara maka? Za ta kafa rana. Daga ranar da ka aika ta, ba zai iya cewa ya manta ba, ko ya ce ai kun shirya sai bayan kaka. Kuma in magana ta kai gaban alƙali, takardar tana nuna cewa ka nemi haƙƙinka cikin lalama kafin ka kawo ƙara.

Akwai wani abu kuma. Doka ta ba mai kaya damar neman ƙarin kuɗi saboda jinkiri, bisa wani ƙima da hukuma take yankewa kowace shekara, kuma lissafin wannan ƙari yana farawa daga ranar da aka aika takardar. Ƴan kasuwa da yawa ba sa neman wannan ƙari, domin suna ganin riba ce da addini ya hana. Doka ba ta tilasta maka ba. In ba ka so, ka nemi uwar kuɗinka kaɗai, takardarka ba ta rage ƙarfi ba.

Kafin ka rubuta, ka duba takardunka

Nan ne mutane suka fi faɗuwa, saboda haka za mu daɗe a kansa. Takardar neman biya ba ta haifar da bashi. Tana tsayawa ne a kan shaidar da kake da ita tun farko. In shaidar ba ta da ƙarfi, ko ka rubuta wasiƙa goma ba za su yi maka amfani ba.

Shaida ta farko ita ce faktir, wato takardar da ka lissafa kaya da kuɗinsu. Amma ka lura, faktir kai ne ka rubuta ta. In babu sa hannun mai saye a kanta, yana iya cewa bai taɓa ganin ta ba, kuma alƙalai ba su cika yarda da takardar da mutum ya rubuta wa kansa shi kaɗai ba. Abin da yake ɗaure faktir shi ne shaidar karɓar kaya: takardar da mai saye, ko yaron shagonsa, ya sa wa hannu ranar da mota ta sauke kaya. In bai iya rubutu ba, ya dangwala yatsa a gaban mutum biyu, su ma su sa hannu. In yana da hatimi, ya buga.

In ba ka da wannan takarda, kada ka yanke ƙauna. Tsakanin ƴan kasuwa doka ta yarda a kawo shaida ta kowace hanya, har da ta waya. Saƙon da ya rubuto maka yana cewa ka yi haƙuri zuwa ƙarshen wata, shaida ne. Muryar da ya aiko ta WhatsApp yana ambaton kuɗin, shaida ce, kada ka goge ta. Rasin kuɗin da ya taɓa aiko maka ta kamfanin aika kuɗi, da littafin da kake rubuta bashi kullum, da direban da ya kai kayan, duk suna taimakawa. Ka tara su wuri guda, ka yi fotokofi na kowace takarda. Asalin takardun su zauna a hannunka, kada ka ba kowa.

Ga misali

Mu ɗauki wani mai sari a Maraɗi da wani mai shago a Tasawa. Farashin da ke nan na misali ne kawai.

Ranar 3 ga Maris 2025 mai sari ya aika buhu 40 na shinkafa, kowane a kan sefa 15 000. Wannan ya kama sefa 600 000. Ya haɗa da jarka 10 ta mai, kowace a kan sefa 20 000, wato sefa 200 000. Faktir duka ta tashi sefa 800 000. Mai shago ya sa hannu ya karɓi kaya, ya ba da sefa 300 000 nan take. Suka shirya zai cika sauran bayan kwana 30, wato ranar 2 ga Afrilu.

Bayan mako guda mai shago ya yi waya ya ce buhu biyu sun jiƙe a hanya. Mai sari ya yarda, aka mayar masa da su. Kuɗinsu sefa 30 000 ne. Ranar 2 ga Afrilu ta zo ta wuce ba a biya ba. Ranar 20 ga Afrilu mai shago ya aiko da sefa 100 000. Daga nan shiru, waya ma ba kullum yake ɗauka ba.

Nawa ne bashin? Ka ɗauki 800 000 ka cire 300 000 na ranar farko, saura 500 000. Ka cire 30 000 na buhunan da aka mayar, saura 470 000. Ka cire 100 000 na watan Afrilu, saura 370 000. Wannan adadi ne zai shiga takarda, ba wani ba. Mai sari yana iya jin haushi ya so ya rubuta 400 000, ya ce ai buhunan nan ba laifinsa ba ne. In ya yi haka ya ba abokin cinikinsa sanda. Zai ce lissafin ba daidai ba ne, gardama ta tashi a kan sefa 30 000, a bar maganar 370 000 da ba wanda yake musun su.

Sai wata matsala da ta shafe mu a nan ƙasar. A kasuwa da dala muke ƙirga kuɗi, dala guda kuwa sefa 5 ce. Jika guda dala 200 ce, wato sefa 1 000. Bashin da ke cikin misalinmu jika 370 ne. Wanda ya ƙirga da dala zai ce dubu 74. In ka je wurin mai rubuta wasiƙa ka ce masa dubu saba'in da huɗu, shi kuma ya rubuta sefa 74 000, ka zubar da kashi huɗu cikin biyar na kuɗinka da hannunka. A takarda sefa ake rubutawa. Ka sa a rubuta adadin da lambobi, a sake rubuta shi da kalmomi, sannan a karanta maka ka ji da kunnenka kafin ka sa hannu.

Yadda takardar take

Ga abin da mai sarin Maraɗi zai rubuta. Inda ka ga «wane» sai ka sa sunan gaskiya, kamar yadda yake a katin shaida ko a takardar rajistar kasuwanci, ba laƙabin da ake kiran mutum da shi a kasuwa ba.

Maraɗi, 16 ga Yuni 2025

Daga Alhaji wane, ɗan kasuwa a Maraɗi
Zuwa ga Alhaji wane, mai shago a kasuwar Tasawa

Magana: neman biyan bashi, faktir mai lamba 27 ta ranar 3 ga Maris 2025

Alhaji, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ranar 3 ga Maris 2025 na kawo maka buhu 40 na shinkafa da jarka 10 ta mai, a kan sefa 800 000. Ka sa hannu ka karɓa. Ka biya sefa 300 000 a ranar, da sefa 100 000 ranar 20 ga Afrilu. Na cire sefa 30 000 na buhu biyu da ka mayar. Saura sefa 370 000 (dubu ɗari uku da saba'in), waɗanda muka shirya za ka biya ranar 2 ga Afrilu 2025. Har yau ba su shigo hannuna ba.

Da wannan takarda ina neman ka biya ni sefa 370 000 cikin kwana 15 daga ranar da ta shiga hannunka. Kana iya kawo su shagona a ba ka rasi, ko ka aiko ta hanyar da muka saba.

In kwanakin nan sun cika ban ga kuɗin ba, zan kai magana gaban alƙali, kuma zan nemi a ɗora maka kuɗin shari'a.

Na haɗa da fotokofi na faktir da na takardar karɓar kaya.

Ka huta lafiya.
Sa hannu da hatimi

Ka ga takardar ba ta da tsawo. Ba ta ba da labarin zumuncin shekara goma ba, ba ta yi gori ba, ba ta roƙa ba. Kalmar da ta fi kowace nauyi a cikinta ita ce «ina neman ka biya». In ka rubuta «in Allah ya hore maka ka tuna da ni», ka yi tuni ne kawai, ba ka kafa wa kowa rana ba. In da Faransanci aka rubuta, a tabbata kalmar miz an dimer ta fito a sama, a wurin da ake faɗin maganar wasiƙa.

Game da wa'adi, doka ba ta yanke adadin kwanaki ba. An saba ba da kwana 8 ko kwana 15. Ka ba da wa'adin da mutum zai iya cikawa. Wanda aka ce ya kawo jika 370 kafin gobe da safe, an nemi faɗa ne da shi. Kuma ka faɗi daga yaushe ake ƙirgawa. A misalinmu, in takarda ta shiga hannunsa ranar 18 ga Yuni, kwana 15 suna cika ranar 3 ga Yuli.

Kada ka rubuta abin da ba za ka yi ba, ko abin da doka ba ta ba ka ba. Kada ka ce za ka sa a ɗaure shi. Bashin ciniki ba laifin ɗauri ba ne, maganar kuɗi ce tsakanin mutum biyu, kuma wurinta kotu, ba ofishin ƴan sanda ko na jandarma ba. Kada ka zage shi, kada ka ce za ka tona masa asiri a kasuwa. Takardar nan wata rana alƙali zai karanta ta, zagi da barazana kuwa suna iya juyowa kanka. Haka kuma kada ka ce za ka zo ka kwashe kayanka. Tun ranar da ya karɓi kaya sun zama nasa a wurin doka, ko bai biya ba, sai fa in tun farko kun rubuta cewa kayan naka ne har sai ya gama biya. Kai kuɗi kake bin sa. Wanda ya shiga shagon wani ya ɗebi kaya da ƙarfi ya jawo wa kansa shari'a.

Da wane harshe?

Tun shekarar 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma yawancin takardun kotu da Faransanci ake yin su. Abin da ya fi shi ne a rubuta da Faransanci, a haɗa da ta Hausa, su faɗi magana guda, adadi guda, rana guda. Ta Faransanci domin alƙali, ta Hausa domin abokin cinikinka ya fahimta ba sai ya nemi mai fassara ba. In wani ne zai rubuta maka, ka tafi da takardunka duka, ya kwafi lambobi da ranaku daga cikinsu, kada ka faɗa masa da ka.

Yadda za ta isa hannunsa

Takardar da ba ka da shaidar isarta, kamar ba ka rubuta ba ne. Doka ta ambaci wasiƙar gidan waya mai rajista, wadda ake mayar maka da ƴar takarda mai sa hannun wanda ya karɓa. Ta kuma yarda da duk wata hanya da ta yi daidai da wannan. Hanyar gidan waya tana da kyau in kana bin kamfani ko wata ƙungiya mai akwatin wasiƙu. Amma masu shago da yawa ba su da akwati, kuma a garuruwanmu ba a cika kai wasiƙa ƙofar gida ba.

Saboda haka hanyar da ta fi sauƙi ita ce hannu da hannu. Ka yi takarda biyu iri ɗaya. Ka ba shi guda, a kan ta biyun ya rubuta cewa ya karɓa, ya sa ranar, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Ta biyun nan ita ce taka. Ka tafi da mutum biyu masu mutunci waɗanda ba ƴan gidanka ba. In ya ƙi sa hannu, su rubuta cewa an miƙa masa a gabansu ya ƙi. Kuma ka nemi lokacin da shago ba cike yake da mutane ba, domin wanda aka kunyata a gaban jama'a taurin kai yake ƙarawa.

Hanya mafi ƙarfi ita ce ta husiye, wato ma'aikacin shari'a mai rantsuwa wanda aikinsa kai takardu da zartar da hukunci. Shi zai je da kansa, ya karanta masa, ya rubuta ranar da wurin da ya same shi. Yana iya tambayarsa mi zai ce game da bashin, ya rubuta amsar a takarda. In mai shago ya ce «na san da bashin, a ba ni wata biyu», to ya amsa bashin ke nan a gaban wanda alƙali yake yarda da rubutunsa. Husiye yana karɓar kuɗin aikinsa, ka tambayi nawa ne kafin ya tashi, kuma ka karɓi rasi. In bashin ƙarami ne kuɗin husiye na iya cin rabinsa. In ya kai irin na misalinmu, kuma mutumin ya fara ɓuya, wannan hanya ta cancanci kuɗinta.

Kana iya ɗaukar hoton takardar ka tura masa ta waya. Wannan ƙari ne mai kyau, amma kada ka dogara da shi kaɗai, domin yana iya cewa lambar ba tasa ba ce ko wayar tana hannun yaro.

Bayan ya karɓa

In ya biya, ka ba shi rasi mai cewa faktir mai lamba kaza ta ƙare. Shi ke nan.

Sau da yawa ba zai biya duka ba, zai zo ne ko ya aiko dattijo a nemi sassauci. Ka saurare shi, domin kuɗin da za su shigo kaɗan kaɗan sun fi shari'ar da za ta ci maka watanni. Sai dai kada sulhun ya tsaya a baki. A rubuta takardar amsa bashi: shi wane ya yarda wane yana bin sa sefa 370 000, zai biya sefa 100 000 ƙarshen Yuli, 100 000 ƙarshen Agusta, 100 000 ƙarshen Satumba, da 70 000 ƙarshen Oktoba. A ƙara da cewa in ya tsallake biya guda, sauran duka sun zama na biya nan take. Ya sa hannu, shaidu su sa hannu. In a gaban sarki ko mai gari ko shugaban ƴan kasuwa aka yi sulhun, shi ma a roƙe shi ya sa hannu. Wannan takarda ta fi faktir ƙarfi nesa, domin daga bakin mai bashin ta fito. Wanda ba shi da shaidar karɓar kaya tun farko, a nan yake gyara lamarinsa.

Wani kuma zai tayar da gardama, ya ce shinkafar duka ba ta da kyau. Ka duba lokacin da ya faɗi haka. In aibin a fili yake ranar da aka sauke kaya, doka ta ba mai saye wata guda daga ranar karɓa ya sanar da mai kaya. In watan ya wuce bai yi magana ba, ya rasa wannan hujja. A misalinmu, mai shago ya yi maganar buhu biyu cikin mako guda, an kuma cire masa. Maganar sauran buhu 38 da ya tayar a watan Yuni, bayan ya sayar da su, ba za ta tsaya ba. Ka amsa masa a rubuce, a taƙaice, ka ajiye fotokofi.

In ya yi shiru

Nan akwai abin da ya kamata ka riƙe da kyau. Bashin ciniki yana da lokacin da in ya wuce, ba ka da ikon kai ƙara. In kaya ne ɗan kasuwa ya sayar wa ɗan kasuwa, lokacin shekara 2 ne. Sauran basussukan kasuwanci, kamar na aiki da aka yi wa mutum, galibi shekara 5 ne. Mutane da yawa suna zaton in suna aika takardar neman biya lokaci lokaci, wa'adin nan yana tsayawa. Ba ya tsayawa. Abin da yake katse shi a fara ƙirga sabo shi ne mai bashin ya amsa bashin, ko kai ka kai ƙara, ko a fara zartar da hukunci a kan dukiyarsa. Mai sarin Maraɗi, in yana son ya tsira, ya ƙirga daga ranar 2 ga Afrilu 2025, ya tabbata maganarsa ta shiga kotu tun kafin 2 ga Afrilu 2027. Ba a jiran watan ƙarshe.

Akwai gajeriyar hanya da OHADA ta tanada domin irin wannan bashi, ana ce mata umurnin biya. Dokarta ta fito a shekarar 1998, aka sabunta ta a 2023, sabuwar ta fara aiki a watan Fabrairu 2024. Ana bin ta in bashin ya fito daga ciniki ko yarjejeniya, yana da tabbas, an san adadinsa daidai, kuma lokacin biyansa ya yi. Ka ga dalilin da ya sa muka nace a kan lissafi da sa hannu.

Za ka rubuta buƙata zuwa ga shugaban kotun da ke da iko a inda mai bashin yake zaune, ba inda kai kake ba. Ka haɗa faktir, da takardar karɓar kaya, da rasin kuɗin da ya biya, da takardar neman biya tare da shaidar isarta. A Yamai akwai kotun kasuwanci ta musamman. A sauran wurare ka je ofishin magatakardan kotun da ke kusa da garin mai bashin, zai faɗa maka inda za a ajiye buƙatar. Alƙali yana duba takardu ne kawai, ba ya kiran mai bashin a wannan mataki. In ya gamsu, ya ba da umurni a biya.

Daga nan dole husiye ya kai wa mai bashin wannan umurni cikin wata 3, in ba haka ba umurnin ya mutu. Shi kuma yana da kwana 10 ya biya ko ya ce bai yarda ba. A tsohuwar doka kwana 15 ne, har yanzu za ka ji wasu suna faɗin haka, amma an rage. In ya ce bai yarda ba, za a kira ku duka biyu, a fara gwada sulhu, in bai yiwu ba a yi shari'a. In bai ce komi ba har kwanakin suka cika, ka koma kotu ba tare da jinkiri ba ka nemi a buga wa umurnin hatimin zartarwa. Da wannan hatimi ne husiye yake da ikon riƙe kuɗinsa na banki ko kama kayansa. Ka sani kuma alƙali yana iya duba halin mai bashi ya ba shi lokaci ya biya, amma lokacin ba ya wuce shekara guda.

In alƙali ya ƙi ba da umurnin domin takardunka ba su isa ba, bashinka bai faɗi ba. Sai ka kai ƙara ta hanyar da aka saba, inda za a saurari shaidu. Ta fi tsawo, ta fi cin kuɗi, kuma a nan yana da kyau ka nemi lauya.

Abu na ƙarshe ya shafi ƴan kasuwar bakin iyaka. Najeriya ba ta cikin OHADA. In wanda kake bi yana zaune a Jibiya ko Katsina ko Kano, ka rubuta masa takardar neman biya kamar yadda muka nuna, ka faɗi a fili ko da sefa aka yi cinikin ko da naira, domin canji yana motsi. Amma wa'adin kwana 10 da gajeriyar hanyar umurnin biya na ƙasashen OHADA ne, ba za su bi shi can ba. Kafin ka rubuta cewa za ka kai shi kotu, ka nemi lauya a garin da yake zaune ya faɗa maka wace kotu ce da kuma abin da za ka kashe.